WARWARE ALKAWARIN LAYIN WAYA A INGILA TUN WA'ADI BAI CIKA BA

A ƙasarmu yawancin mutane sayen kati su ke yi su zuba wa waya, in kuɗin ya ƙare ba wanda ke bin su bashi. A Ingila kuwa akwai wata hanya dabam wadda ta ke da farin jini. Mutum ya kan sa hannu a takardar alkawari da kamfani, a ba shi waya da layi, shi kuma ya riƙa biyan kuɗi wata wata har wa'adi ya cika, yawanci wata 24. Malamanmu da akawuna da ke zuwa can ƙaro ilmi su kan shiga wannan alkawari, sa'an nan karatu ya ƙare wa'adi bai cika ba. To, mai son fita sai ya san cewa abubuwa uku ne a gabansa, watau ita wayar, da lambarsa, da takardar kuɗi ta ƙarshe. Kowanne da ƙa'idarsa, kuma in aka gabatar da na baya, ɗaya ya kan ɓata ɗaya.

FARA DA TAMBAYAR ABIN DA A KE BIN KA

Tun ran 1 ga Yuli, 2019, hukumar da ke kula da sadarwa a can, wadda a ke kira Ofkom, ta wajabta wa kamfanoni su amsa wa mutum ta gajeren saƙo, ba sai ya yi ta ja-in-ja da ma'aikatansu ba. Kalmomi uku ne, kowace da lambar da a ke aika ta, kuma kyauta ne:

```
INFO  85075
PAC   65075
STAC  75075
```

Ta farko tambaya ce kurum. Kamfani zai faɗa maka ko wa'adinka ya cika, in bai cika ba ya faɗi nawa za ka biya in ka fita. Ba ta rufe kome. Da ita ya kamata a fara.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani malami ya yi alkawarin wata 24 a kan fam 30 kowane wata, ya biya wata 14, saura 10. Kuɗin warware alkawari shi ne kuɗin watannin da su ka rage, watau fam 300, ko da ya ke waɗansu kamfanoni su kan rage ɗan wani abu. Amma fa a duba takarda da kyau, don wani alkawarin kashi biyu ne. Misali fam 18 bashin waya ne, fam 12 kuɗin layi. A irin wannan, ragowar bashin waya fam 180 ne, kuma yana wuyan malamin ko ya ci gaba da layin ko ya bar shi. Ko za a ƙara masa da kuɗin layi na watannin da su ka rage, wannan sai abin da takardarsa ta ce.

A BUƊE WAYA KAFIN A RUFE LAYI

Waya kulalliya ita ce wadda ba ta karɓar layin kowa sai na kamfanin da ya sayar da ita. Tun daga watan Disamba na 2021 aka hana kamfanonin Ingila sayar da irin wannan, saboda haka sabuwar waya a buɗe ta ke zuwa. Amma wadda aka saya kafin nan, ko wadda aka saya a hannun wani, mai yiwuwa ne har yanzu a kulle ta ke. Gane ta ba wuya: cire layinka, ka sa na wani kamfani dabam. In ta nemi a buga mata lambar buɗewa, ko ta ce ba ta yarda da layin ba, to kulalliya ce.

Kamfanin da ya kulle ta shi ke buɗe ta, kuma zai nemi lambar jikin wayar mai suna IMEI, wadda ke fitowa in an buga wannan:

```
*#06#
```

Dalilin da ya sa mu ka ce a gabatar da wannan shi ne, muddin layinka na aiki kamfani ya san ka, yana kuwa iya aiko maka da saƙo. In ka rufe layi ka iso gida, sa'an nan wayar ta ƙi karɓar layin Nijeriya, neman buɗewa daga nesa wahala ce babba. A kuma tuna cewa buɗe waya ba ya yafe bashi. Fam 300 ɗin nan na malamin suna nan daram.

RIƘE LAMBA

Kalma ta biyu, watau PAC, ita ke kawo wata lambar izni mai haruffa 3 da alƙaluma 6, wadda ke aiki har kwana 30. Karɓarta kaɗai ba ya rufe layi, kuma in ba a yi amfani da ita ba sai ta mutu, alkawari ya ci gaba kamar da. Sai ka miƙa ta ga sabon kamfani sa'an nan za a ɗauke lambarka a mai da ita can, cikin kwana ɗaya na aiki. A ranar tsohon alkawari ke ƙarewa, a ranar kuma kuɗin warwarewa ke hawa kanka. Doka ta hana tsohon kamfani ya ƙara maka kuɗin kwanakin sanarwa bayan wannan rana.

Ta uku, STAC, ta wanda zai koma wani kamfani ne amma ba ya son tsohuwar lambarsa. Ita ma sabon kamfani a ke miƙa wa. Wanda kuwa ya kira kamfani kurum ya ce a rufe, yawanci sai ya ba da sanarwar kwana 30, ya kuma biya kuɗin kwanakin. Kada a gama hanyoyin biyu. Mai son lambarsa kada ya ce a rufe layi, don in an rufe aka daɗe, lambar ta kan kuɓuce masa.

Lambar Ingila ba ta ƙaura zuwa kamfanin Nijeriya. Mu ma muna da tsarin sauya kamfani da lamba tun 2013, amma tsakanin kamfanonin cikin gida kaɗai. Abin da malamin zai iya yi shi ne ya mai da lambarsa kan layin kati mai arha na can, don bankinsa na Ingila ya riƙa aiko masa da saƙo a kai. Sai dai ya riƙa amfani da layin jifa jifa, gama kamfanoni su kan kashe wanda ya daɗe ba ya motsi.

TAKARDA TA ƘARSHE

Kuɗin wata a kan karɓe shi tun watan bai shiga ba, amma abin da aka yi a waje da alkawari, kamar kiran gida, a baya a ke lissafa shi. Don haka takardar ƙarshe ta kan zo ne makonni bayan layi ya ƙaura. A ce malamin ya ƙaura daidai ƙarshen watan da ya biya, ya kuma kira gida na fam 14 a cikinsa. Takardarsa za ta nuna fam 300 da fam 14, jimla fam 314. In ya ga an sa masa kuɗin wata na bayan ranar ƙaura a kan kuɗin warwarewa, an caje shi sau biyu ke nan, sai ya kai ƙara da saƙon da kamfani ya aiko masa tun farko, don haka a adana shi.

Babban kuskure shi ne a soke umurnin da aka ba banki na biyan kamfani, ko a rufe asusu, tun takardar ba ta iso ba. Soke umurnin banki ba warware alkawari ba ne. Kamfani zai ci gaba da lissafi, ya miƙa bashin ga masu karɓar bashi, a kuma rubuta sunan mutum a cikin waɗanda su ka kasa biya, tambarin da ke zama har shekara 6. Wanda ke fatan komawa ƙarin karatu zai tarar da shi yana jiransa ran da ya nemi sabon layi ko rance.

Saboda haka a bar kuɗin da ya isa a asusu, a ba kamfani adireshin da saƙo zai iske mutum, kada kuma a rufe asusun sai an ga kamfani ya ɗebi kuɗinsa na ƙarshe ya kuma rubuto cewa ba ya bin kome.