Saƙon ofis ba ihu ba ne: Abin da ke maye gurbin imoji da manyan haruffa a zaurukan aiki na Minna

Minna gari ne na ma'aikata. Daga sakatariyar jiha zuwa hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO, zuwa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke da mazauni a Bosso da Gidan Kwano, dubban mutane ne ke tashi kowace safiya su duba waya kafin su duba tebur. Sanarwar da a da ake bugawa a manna a allo, yanzu sau da yawa a zauren WhatsApp take fara sauka, kuma takan zo da kayan adonta: manyan haruffa, alamun motsin rai uku a jere, da 'yan hotunan nan da ake kira imoji.

Shawarar da masu koyar da rubutun ofis ke bayarwa ita ce a cire su. Sai dai wanda ya cire su kawai ya tsaya, yakan tarar saƙonsa ya koma kamar sammacin kotu. Dalili kuwa shi ne kowace alama akwai aikin da take yi, kuma in an kore ta, aikin yana nan yana jiran mai yinsa.

A ɗauki misalin jami'in mulki na wani sashe da aka ba shi kwana biyu ya tattara takardun ma'aikata arba'in domin tantancewa. Da yammacin Talata sai ya tura: "DUK MA'AIKATA SU KAWO TAKARDUNSU GOBE!!! BA UZURI!!!" Ya bi da hoton jiniya, sannan ya rufe da hannaye biyu a haɗe. Manyan haruffan na cewa abin na gaggawa ne, alamun motsin rai na cewa shi ma an matsa masa, hannayen kuma na ba da haƙuri a kan ihun da ya gabace su. Duk da wannan hayaniya, saƙon bai faɗi waɗanne takardu ba, bai faɗi ofis ko lokaci ba. Wanda wayarsa ta mutu saboda rashin wuta ya buɗe saƙon da safiyar Laraba, a wurinsa "gobe" Alhamis ce.

In aka kwashe adon aka bar kalmomin, abin da zai rage shi ne: "Duk ma'aikata su kawo takardunsu gobe. Ba uzuri." Wannan ya fi na farko ɗaci, domin 'yar ban-haƙurin da ke ciki ta tafi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Binghamton ta Amurka, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa masu karatu na ɗaukar gajeriyar amsar waya da ta ƙare da aya a matsayin wadda ba ta fito daga zuci ba. Ke nan tsoron mai rubutu cewa za a ce ya yi fushi ba tsoron banza ba ne.

Gyaran yana farawa da tambayar abin da kowace alama ke ƙoƙarin faɗi. Gaggawa ba ta buƙatar ƙara. Rana da sa'a da dalili take buƙata. Girmamawa kuwa Hausa ta riga ta tanadar mata gida a gaisuwa, da lamirin da aka zaɓa, da addu'ar rufewa. Saƙon zai iya komawa haka:

"Barkanmu da aiki. Don Allah kowa ya kawo kwafin takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe zuwa ofishin mulki ranar Laraba kafin ƙarfe 12 na rana, domin da ƙarfe 2 za a miƙa jerin sunaye. Wanda ke hutu ko ba ya gari ya sanar da ni yau, a san yadda za a yi. Allah ya saka da alheri."

"Ba uzuri" ta ɓace, amma tsananin bai ɓace ba, domin wanda ya ji za a miƙa suna ƙarfe 2 ya san abin da makara za ta jawo masa. An kuma buɗe ƙofa ga mai uzurin gaskiya, wanda ihun farko ya rufe wa. In lallai ana son ido ya faɗa kan lokacin, WhatsApp na kaurara duk abin da aka sa tsakanin taurari biyu, kamar *Laraba kafin 12*, kuma sau ɗaya ya isa. In aka kaurara komai, babu abin da ya fito.

A nan ne Hausa ta fi ƙarfi, kuma a nan ne aka fi yin sakaci da ita. "Kawo rahoton" umarni ne tsirara. "Ku kawo rahoton" ya sa wa mutum ɗaya rigar jam'i. "A kawo rahoton" ya ɗauke yatsa daga fuskar kowa, shi ya sa ƙarami zai iya rubuta wa babba "da za a duba" ba tare da ya wuce gona da iri ba. Ƙananan kalmomi irin "dai" da "fa" da "mana" su ma suna yin abin da fuskar murmushi ke nema ta yi, amma ba ɗaya suke ba. "A dai duba" lallashi ne, "a duba fa" gargaɗi ne, "duba mana" kuwa a baki wasa ce tsakanin tsara, a rubuce kuma tana iya fita da ƙosawa. Abin lura, ajamin da Hausawa suka daɗe suna rubuta wasiƙu da shi ba shi da babban harafi ko ƙarami, kuma sarakuna sun ba da umarni da shi an ji.

Amsa ta fi sanarwa haɗari. Idan babban yatsa arba'in suka sauka a ƙarƙashin saƙo, jami'in bai san nawa ne ke nufin "na gani" ba, nawa ne "na yarda", nawa ne "zan kawo". A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke cewa babban yatsan da wani manomi ya tura wa mai sayen amfanin gona, bayan an aiko masa da hoton yarjejeniya, amincewa ce. Manomin ya ce shi dai ya nuna saƙon ya iso ne. Kotu ta duba yadda suka saba ƙulla ciniki da gajerun amsoshi, ta ci shi diyyar dalar Kanada sama da 82,000. A Nijeriya ma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe hanyar karɓar bayanan na'ura a kotu. "Na gani, zan kawo gobe da safe" daƙiƙa biyar take ci, kuma ba ta da fassara biyu. In darakta ne ya turo, "Ranka ya daɗe, na gani" ta fi yatsa ɗaya da wani dattijon zai ɗauka raini ne.

Hanyar tana da iyakarta. Gaisuwa kan yi tsawo har ta binne saƙon, musamman da yake allon waya layi ɗaya ko biyu yake nunawa kafin a buɗe. In gajiya da iyali da sanyi suka cinye su, ranar taro ba za ta bayyana ba. Minna kuma gari ne na Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Yarabawa da Ibo, Musulmi da Kirista, don haka "barkanmu da aiki" da "sannu da ƙoƙari" sun fi game kowa a zauren da aka cakuɗu, kuma bambancin "dai" da "fa" na iya wuce wanda Hausar kasuwa ya iya. Ga irinsa, sai a faɗi dalilin a fili.

Inda aka fi jin tsoron cire imoji shi ne ranar rasuwa, lokacin da zauren ofis ke cika da fuskoki masu hawaye da hannaye a haɗe, iri ɗaya, a jere. Mai makoki in ya natsu ya buɗe waya bayan sadakar uku, layin da yake tsayawa a kai shi ne wanda ya ambaci mamacin, ya yi masa addu'a, ya ƙara da cewa aikin da ke teburinsa an riƙe masa har ya dawo.