Wata Uku na Gwaji: Wasiƙar da Likita Zai Karanta Har Ƙarshe

Mai asibiti mai zaman kansa ba ya zama. Daga duba marasa lafiya sai rigimar man janareta, sai albashin ma'aikata. Duk matashin da ya rubuta masa wasiƙa yana neman aikin kula da shafukan asibitin na sada zumunta, to ya sani a tsaye za a karanta ta, tsakanin majinyaci da majinyaci. Shi ya sa wasiƙar da ta buɗe da "ni ƙwararre ne" ke ƙarewa a kwandon shara.

A ce wata matashiya ce a Kano ta sa ido kan wani ƙaramin asibitin mata da yara. Kafin ta rubuta komai sai ta yi kwanaki tana leƙa shafinsu. Sannan ta fara da abin da ta gani: "Ranka ya daɗe Likita, na duba shafinku na Facebook, rabon da a saka wani abu tun Sallar da ta wuce. Mata huɗu sun tambayi ranar awon ciki, ba wanda ya ba su amsa, lambar wayar da ke kai kuma ba ta shiga." Likita zai iya ɗaga wayarsa ya tabbatar nan take, kuma ya san kowace tambayar da ta kwana babu amsa, wataƙila kati ne da aka je aka yanka a wani asibitin.

Me ya sa wata uku? Saboda watan farko kusan duk a gyara yake tafiya: daidaita lamba da lokutan aiki, sa asibitin daidai a taswirar Google, buɗe WhatsApp Business da shirya amsoshin tambayoyin da aka fi yi. A wata na biyu ake samun tsayayyen aiki, misali saƙo uku a mako, ɗaya daga ciki gajeren bidiyon ungozoma tana bayani da Hausa. Na uku na kwatantawa ne. Mai juna biyu da ta ga bidiyo yau ba lallai ta zo gobe ba. Sai ta yi shawara da maigida, sai kuɗi ya samu.

Inda wasiƙar ke tsayawa ko ta faɗi shi ne ma'auni. Yawancin masu neman aikin suna alƙawarin yawan mabiya, alhali mabiyi a Legas ba zai kawo ɗansa rigakafi Kano ba. Ita sai ta nemi abu guda: mai yanka kati ya riƙa tambayar kowane sabon zuwa, "Ta ina kika ji labarinmu?" ya rubuta a littafi. Ta kuma nemi a ƙirga sababbin katunan watanni ukun baya, don a sami abin aunawa. Akwai tarko a nan, kuma mai gaskiya zai faɗa tun a wasiƙa: idan gwajin ya faɗo a damina, zazzaɓin cizon sauro zai cika asibiti ko da shafi ko babu. Littafin ne zai raba wanda bidiyo ya kawo da wanda sauro ya kawo.

Sai iyakoki, waɗanda likita ya fi jin tsoro. Majalisar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya ba ta yarda likita ya riƙa tallata kansa kamar mai sayar da atamfa ba, dokar tallace-tallace ta 2022 kuma ta ce a tantance talla kafin a fitar, har da na intanet. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Don haka ta rubuta ƙarara: babu hoton majinyaci ko jariri sai da rubutaccen izini, babu alƙawarin waraka, babu abin da zai fita sai likita ya gani. Wanda ya turo saƙo yana cewa ɗansa na amai, ba ita za ta ba shi magani ba, za ta ce ya zo ko ta haɗa shi da nas. Ba ta kuma neman kalmar sirrin likita. Ya ba ta izinin aiki ta Meta Business Suite, shafin ya ci gaba da zama nasa.

Maganar kuɗi kada a ɓoye ta, kunya ba ta da amfani a nan. Ta faɗi ladanta na wata, ta ware shi daga kuɗin talla, wanda asibiti zai biya da katinsa kai tsaye. Haɗa su wuri guda ne ke jawo zargin an ci kuɗin talla. Ta ƙara da cewa kowane ɓangare na iya janyewa da sanarwar mako biyu.

Duk wannan shafi ɗaya ya ishe shi. Layin ƙarshe kuwa ba ya neman a sa hannu: "Idan Likita ya amince, a ba ni minti 15 ranar Alhamis bayan la'asar, in kawo samfurin saƙonnin makon farko."