Babban yatsan da ke ƙarƙashin saƙo

Yawancin cinikin albasar da ake saukewa a Fegge, unguwar da ke daf da gadar Neja a Onitsha, ba a kan takarda ake ƙulla shi ba. Ta WhatsApp ake yi, tsakanin mai kaya a Aliero ko Sakkwato da dillalinsa a nan. Ranar da aka samu saɓani, sai a ɗauki hoton hirar daga allon waya, a ba wani yaro mai ilimin boko ya kwafe a takarda domin dattawan kasuwa ko lauya. Kuma a wajen kwafewar ne haƙƙin wani yakan salwanta, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Mu ɗauki misali. Da 9:14 mai kaya ya rubuta, "Buhu dubu 60." Da 9:16 dillali ya amsa, "Dubu 55 zan biya, Alhaji." Da 9:40 dillalin ya ƙara, "Mota ta tashi?" Akwai ɗan babban yatsa 👍 maƙale a gindin saƙon 9:16. Mai kwafewa ya ga alamar ƙarama ce, ya bar ta sai ƙarshe, ya rubuta ta bayan tambayar mota. Yanzu takardar cewa take yi Alhaji ya tabbatar mota ta tashi, alhali allon yana nuna an amince da dubu 55. A buhu 40, wannan ɗan matsawar naira dubu 200 ce.

Kada a raina wannan alama. A shekarar 2023 wani alƙali a lardin Saskatchewan na Kanada ya yanke cewa babban yatsan da wani manomi ya tura ya isa amincewa da yarjejeniya, ya kuma ci shi diyyar dalar Kanada kusan dubu 82.

Sai dai alamar iri biyu ce. Wadda aka tura a matsayin saƙo tana da layinta da lokacinta. Wadda aka maƙala wa saƙo, abin da WhatsApp ya fara a 2022, ba ta da lokaci, kuma hoton ba ya nuna wanda ya sa ta, tunda mutum na iya maƙala wa saƙon kansa. Abin da ya dace a rubuta shi ne: "Ƙarƙashin wannan saƙo akwai 👍 ɗaya, hoton bai nuna mai ita ba." A wayar kanta ne, idan aka taɓa alamar, sunan yake fitowa.

Batun suna ma haka. Saƙonnin mai wayar suna gefen dama, ba suna a kansu. Na ɗayan suna hagu. Don haka kafin a rubuta komai a tambaya: wayar wa aka ɗauka? Sunan da ke saman allo kuwa mai wayar ne ya adana shi, kuma yana iya sauya shi a kowane lokaci. A kwafe shi yadda yake, ko da "Alh Albasa 2" ne, ba sunan da kowa ya san mutumin da shi ba. A hirar rukuni, sunan kan fito ne a saƙon farko kawai idan mutum ya jero saƙonni, sai mai kwafewa ya maimaita shi a kowane layi.

Jerin kuwa daga sama zuwa ƙasa ne, ana bin lokaci, ba a gama gefe ɗaya sannan a koma ɗayan ba. Tarko biyu ne a nan. Ɗan akwatin da ke saman amsa tsohuwar magana ce aka ɗauko, ba sabon saƙo ba, sai a rubuta "yana amsa saƙon 9:14". Sannan idan hotunan suna da yawa, saƙon ƙarshe na wannan ya kamata ya zama na farkon wancan. In ba su haɗu ba, akwai giɓi, kuma a rubuta cewa akwai shi.

Kwanan wata ya fi ba da wahala. Allon kan ce `Today` ko `Yesterday`, waɗanda ba su da ma'ana sai an san ranar da aka ɗauki hoton. A kwafe su haka, a ƙara ranar a gefe. Haka `Edited`, wanda ke nuna an gyara saƙo cikin minti 15 da turawa, da `This message was deleted`, wanda dole ya samu layinsa. Saƙon murya a rubuta tsawonsa da lokacinsa. Kuskuren rubutu ma a bar shi: in an rubuta "5o", ba aikin mai kwafewa ba ne ya mai da shi 50.

In wayar tana hannu, a shiga hirar a zaɓi `Export chat`. Zai fitar da rubutun kowane layi da rana da lokaci da suna, sai a gwada shi da takardar. Idan maganar za ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar shaida da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da bayanin, saboda haka kada mai wayar ya goge hirar, kada kuma ya sayar da wayar.