Komawa Aji Bayan Shekarun Raino

Malamar firamare a Tawa da ta ajiye alli shekara goma sha biyu tana renon ƴaƴa, in ta dawo yau, za ta tarar da sauyi: tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Giɓinta na farko a rubutu yake. Hannun da ya saba da Faransanci yakan rubuta "tchoukou" maimakon "cuku", ya bar ƙugiyar ɗ da ƙ, har "ƙafa" ta koma "kafa". Ƙa'idar rubutun 1999 tana gyara wannan.

Abin da ƙa'ida ba ta gyarawa shi ne kiran "Tanti" daga bakin ƙananan abokan aiki. Girmamawa ce a zahiri, amma idan ta maye gurbin "Malama", ta ambaci shekarun matar ta shafe matsayinta.