Kafin Ka Danna Jan Maɓalli: Yadda Ake Tsara Gajeren Bidiyo a Takarda

Yawancin bidiyon waya da suka lalace sai a wajen haɗawa ake gane sun lalace. Mutum ya wuni yana ɗauka, ya koma gida da guntaye arba'in ko hamsin, ya buɗe CapCut ko InShot, sai ya tarar duk daga wuri ɗaya ya tsaya, duk nisansu ɗaya, kuma abin da ya fi muhimmanci bai shiga ba. A lokacin rana ta faɗi, mutanen sun watse. Abin da ke hana wannan takardu biyu ne: jerin abubuwan da za a ɗauka, da zanen yadda kowanne zai fito a fuskar waya.

Mu ɗauki aiki guda mu bi shi. Wani tela yana son bidiyon talla na daƙiƙa 45 da zai sa a WhatsApp da TikTok, ya nuna yadda yake ɗinka kaftani tun daga awo har mai shi ya saka. Ɗan ƙaninsa ne zai ɗauka, da waya ɗaya, ba fitila, ba makirufo.

Lissafi ake fara yi. A irin wannan talla, hoto ɗaya bai cika wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu ba kafin ido ya ƙosa. Raba 45 da wannan, za ka samu ɗauka goma sha biyu ko sha uku. Wannan adadin shi ne ke tilasta wa mutum zaɓi. Tela zai so a nuna kekunansa duka, da yaransa, da kantar da ya jera yadi, amma wuri sha biyu kawai ake da shi, kuma duk abin da ya shiga sai wani ya fita.

Kowane layi na jerin yana ɗauke da lamba, da abin da ido zai gani, da nisan waya daga abin, da tsawon lokaci, da sautin da ake so. Nisa iri uku ya isa: ɗaukar nesa mai nuna wuri gaba ɗaya, ɗaukar rabi daga ƙugu zuwa kai, da ɗaukar kusa mai cika fuskar waya da hannu ko allura. Sharaɗi ɗaya ne, a rubuta abin da kyamara za ta iya gani. "A nuna ƙwarewar tela" ba layi ba ne, domin ba wanda ya san inda zai nufa da waya. "Kusa: almakashi yana ratsa shuɗiyar shadda a kan layin alli, daƙiƙa 3, a ji ƙarar yankan" shi ne layi.

Ga yadda na tela zai kasance. Na ɗaya wannan almakashin, don shi zai tsayar da yatsan mai wucewa. Na biyu shago daga bakin titi, daƙiƙa 3. Na uku tela yana auna kafaɗar mai ɗinki da tef, daƙiƙa 4. Daga nan zanen alli, da allura tana hawa tana sauka, da tela zaune a kan keke, kowanne daƙiƙa 3, sai aikin wuya daƙiƙa 4, sai guga daƙiƙa 3. Na tara tela yana magana, daƙiƙa 8. Na goma mai kaftani tsaye daga hula har takalmi, daƙiƙa 5, na sha ɗaya bakin hannun riga daƙiƙa 2, na ƙarshe allon shago da lambar waya, daƙiƙa 4. In ka tara, 45 cif. Lura cewa rabinsu ɗaukar kusa ne. Fuskar waya ƙarama ce, kuma mai neman tela layin ɗinki yake son gani.

Maganar daƙiƙa takwas ɗin nan a rubuta ta, a karanta da ƙarfi ana duba agogo. Kalma goma sha takwas zuwa ashirin take ɗauka in ba a yi gaggawa ba. Mutanenmu kuwa ba sa fara magana sai da sallama da gaisuwa da godiya, kafin a kai ga farashi daƙiƙa ashirin sun tafi. Gara a yi wannan ja-in-jar a kan takarda, yaron ya ce, "Baffa, a yi haƙuri a bar gaisuwar, a faɗi kwana nawa ɗinki ke yi kawai," da a yi ta waya na kunne.

Yanzu ga inda jerin yake biyan kuɗinsa. Tsarin da mai kallo zai gani daban, tsarin da za a ɗauka daban. Bayan an gama rubuta shi bisa labari, sai a sake jera shi bisa wuri, da haske, da mutanen da ake buƙata. Mai ɗinki yana cikin na 3 da na 10 da na 11, saboda haka a ɗauke su a jere a sallame shi. Na 2 da na 12 duk a waje suke, a haɗa su da safe ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta tsaye a ka tana zuba inuwa a idon mutane. Maganar tela a sa ta lokacin da kekuna suke tsaye kuma janareton maƙwabci bai tashi ba, a kuma kauce wa lokacin kiran salla. Guga in na lantarki ne, a yi shi da zarar an ga wuta.

Sake jerin nan ne zai tono matsalar da ba a gani da farko. A labari, tsakanin awo da saka riga akwai kwanaki, alhali ɗaukar wuni ɗaya ce. Ke nan dole a tanadi kaftanin da aka riga aka gama, daidai jikin mutumin, kuma launinsa ɗaya da shaddar da za a yanka. In aka yanka shuɗiya sannan ya fito da fara, mai kallo zai gane ko da bai faɗa ba. Dole kuma ya zo da wata rigar da za a auna shi a ciki. 'Yan fim na Kano suna da mutum guda a lokeshin wanda aikinsa ke nan, ya riƙa lura da hula da agogo da inda aka ajiye kofi. Mai waya ba shi da wannan mutumin, sai ya ƙara layi a gefen takarda ya rubuta abin da kowa ke sanye da shi.

Sannan a sa tauraro a kan duk abin da ba ya maimaituwa. Yankan shadda sau ɗaya ne. Yadi biyar na mutane ba abin gwaji ba ne, kuma ba telan da zai sake yanka don hoto ya fita dishi-dishi. A gwada da ƙyallen da ya saura, a taɓa fuskar waya a kan bakin almakashi a riƙe har ta kulle ganinta a wurin, a fara ɗauka daƙiƙa uku kafin a ce bismillah, a bar ta daƙiƙa uku bayan an gama. Wannan rarar ta gaba da baya a yi ta a kowace ɗauka, ita ce ke ba da wurin yanka a wajen haɗawa.

Zanen kuma fa? Al'adar jera zane-zane a allo kafin a yi fim ta kafu ne a kamfanin Walt Disney a farkon shekarun 1930, kuma gajeren katun ɗinsu na Three Little Pigs na 1933 ana lissafa shi cikin na farko da aka tsara gaba ɗaya ta haka. Su ƙwararrun masu zane ne. Kai ba ka buƙatar iya zana ko kaza. Kwantar da takardar A4, ka ninka ta gida huɗu a faɗi, gida biyu a tsawo, ka samu akwati takwas a tsaye kamar fuskar waya. Takarda biyu sun ɗauke ɗauka sha biyun har da rara. Da'ira kai ne, sanda jiki, kibiya ta nuna inda hannu ko waya za ta motsa.

Amfanin zanen shi ne yana nuna abin da rubutu ke ɓoyewa. Bidiyon tsaye, wanda ake rubutawa 9:16, dogo ne siriri. Mutum ɗaya tsaye cikin kaftani yana shiga tsaf, amma da ka zana tela da mai ɗinki kafaɗa da kafaɗa za ka ga akwatin ya yanke su. Nan take sai ka canza: waya ta koma bayan kafaɗar tela, mai ɗinki yana fuskantarta. Teburin yanka ma faɗi gare shi, sai a zana shi daga sama, abin da ke nufin a nemo bencin da yaron zai taka. A kowane akwati kuma a ja layi kusa da ƙasa da gefen dama, domin nan TikTok da Instagram suke ɗora rubutu da maɓallansu. Lambar wayar da aka sa a gindin hoto rufewa take yi, kuma ita ce dalilin tallar.

Akwai kuma batun gefe. In a akwati ɗaya tela yana hagu yana kallon dama, kada a na gaba ya koma dama yana kallon hagu. Haka na faruwa ne idan mai ɗauka ya zagaya ta bayan mutanen biyu. Ƙa'idar ita ce ka ɗauka akwai igiya a miƙe tsakaninsu, ka tsaya a ɓangare ɗaya nata, ka matsa kusa ko nesa yadda kake so amma kada ka tsallaka. A kan takarda kuskuren a fili yake, kawuna biyu sun yi musayar wuri.

Wanda zane ya gagare shi ƙwarai yana da mafita, kuma a ganina ta fi zanen ma ga aiki ƙarami irin wannan. Ka je shagon kwana ɗaya kafin ranar, daidai lokacin da za a yi ɗaukar, ka ɗauki hoto guda na kowane layi. Hotunan za su gaya maka cewa tela yana zaune bayansa na kallon ƙofa, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, sai a juya keken hasken ƙofa ya faɗa masa a fuska. Za su gaya maka cewa wayarka ba ta gani sosai in ta matso allura ƙasa da santimita goma ko makamancin haka, kuma jawo hoto da yatsu biyu yana farfasa shi, don haka sai ka san daidai inda za ka tsaya.

Ranar ɗauka a riƙe takardar da biro. Kowane layi a ɗauke shi sau biyu ko uku, a kalli abin a wurin da ƙarar waya a buɗe, sannan a soke shi. In wani abu mai kyau ya faru wanda ba ya cikin jeri, kamar yaron shago yana zura zare da baki, a ɗauka, amma bayan an gama layin da ake kai. Kafin a sallami mai kaftani a ƙirga layukan da aka soke, a tabbatar na 3 da na 10 da na 11 suna cikin wayar, don shi ne mutumin da dawo da shi gobe zai fi wuya.