Rancen Albashi Daga Wurin Aiki: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Rubuta Takarda

A ƙasar Gumel akwai lokutan da albashi ba ya kai ma'aikaci ko'ina, kuma kowa ya san su. Idan damina ta faɗi ana neman kuɗin taki da na noma, idan Babbar Salla ta matso ana duban kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, idan kaka ta yi mai iyali yana so ya sayi gero ya ajiye tun bai yi tsada ba. A irin wannan lokaci direban kamfani a Maigatari, ko mai zuba mai a Gumel, ko mai gadin makarantar kuɗi a Gagarawa ko Sule Tankarkar, yakan tunkari mai gidansa ya ce a ba shi wani abu daga albashinsa, a riƙa cira a hankali. Yawanci da baki ake ƙulla maganar, kuma da wuya ka sami wanda ya san cewa doka ta riga ta yi mata iyaka.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta keɓe sashe na 4 ga wannan rance. Mai aiki ba zai ba ma'aikaci fiye da albashin wata ɗaya a matsayin rance ba. Idan ya ba shi, ba zai karɓe kuɗin cikin ƙasa da wata uku ba. Ba zai ɗora masa ruwa ko wani ladan da ya yi kama da ruwa ba. Kuma wanda bai gama biyan na baya ba, ba a ƙara masa sabo sai da larurar da mai aikin ya yarda da ita. Sashe na 5 kuma ya ce duk abin da za a yanka daga albashin mutum a wata guda kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku.

Wannan iyaka ta kashi ɗaya cikin uku ita ce mutane suka fi mantawa da ita, alhali ita ce ke faɗa wa mai roƙo yawan watannin da zai nema. A ɗauka ga direba mai albashin naira 90,000, yana son rancen wata guda cif domin ya sayi hatsi da kaka. Idan ya raba 90,000 gida uku ya ce a riƙa cire 30,000, a idonsa ya yi daidai. To amma a ce dama ana yankar masa 12,000 kowane wata na fansho da kuɗin ƙungiya da asusun taimakon juna na ma'aikata. Idan aka haɗa da 30,000 yankan ya zama 42,000, ya haura iyakar da doka ta sa, kuma abin da zai kai gida 48,000 ne kawai. Gurbin da ya rage masa na gaskiya 18,000 ne, wato 30,000 a cire 12,000. Da wannan, biyan zai ɗauki wata biyar, yana karɓar 60,000 a hannu. Idan ya nemi wata shida, yankan rancen ya sauko 15,000, ya riƙa karɓar 63,000.

A ganina wata shidan ya fi masa, ko da yake bambancin naira 3,000 ne kawai. Mutumin da ya matse kansa don ya nuna wa mai gida cewa zai biya da wuri, shi ne a tsakiyar wata na biyu za ka gan shi a shago yana cin bashin shinkafa da mai, ya toshe rami ɗaya ya haƙa wani. Sai dai tsawon lokacin ma yana da nasa haɗari. Wanda ya karɓa a watan Nuwamba ya yi wata shida zai gama a Mayu, daidai bakin damina, ya shiga aikin gona da cikakken albashi. Wanda ya ja abin zuwa wata goma zai iske lokacin taki ya zo bashi na kansa, kuma ba shi da hurumin neman sabo sai in mai gida ya ga larura. Don haka kafin a zaɓi watanni, a duba wace babbar hidima ce ke tafe.

Takardar kanta ba ta son tsawo. Bayan gaisuwa, mai nema ya faɗi sunansa da aikinsa da shekarar da ya fara, sannan adadin da yake so da lamba da kuma harafi, sannan dalili a jimla ɗaya. Ba sai ya zayyana sirrin gidansa ba. "Domin sayen abincin shekara" ko "domin jinyar mahaifiyata" ya wadatar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya rubuta tsarin biyan da kansa: naira 15,000 kowane wata, daga albashin Disamba zuwa na Mayu, kuma ya yarda a cire kai tsaye. Mai gidan da ya ga an riga an yi masa lissafi ya fi saurin sa hannu bisa wanda aka ce masa "a taimaka, za a biya in Allah ya yarda". Ya kuma kamata takardar ta faɗi yadda za a yi da saura idan aiki ya ƙare kafin a gama biya, domin a nan ne rigima ta fi tashi, mai gida ya riƙe albashin ƙarshe gaba ɗaya, ma'aikaci ya tafi hannu rabbana. A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya da sa hannun ɗan'uwansa. Wasu na jin nauyin neman rubutu daga wanda suke kira Alhaji ko Baba, suna ganin kamar rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci.

Akwai ruwan da ke shigowa a ɓoye, kuma shi ya fi ci mini rai domin talaka yake cuta. An rubuta wa mutum 90,000 amma an miƙa masa 85,000, an ce sauran na takarda ne. Ko an ce babu tsabar kuɗi, ga buhunan gero, a farashin da ya fi na kasuwa. Hanyar ganewa ɗaya ce: a tara duk abin da za a yanka har ƙarshe, a gwada da ƙimar abin da ya shigo hannu. In na farko ya fi yawa, an ɗora ruwa ko da wane suna aka kira shi. Rancen albashin da bankuna ke tallatawa a waya kuwa wani abu ne daban, bashin banki ne mai ruwa da caji, kuma sashe na 4 bai shafe shi ba tunda banki ba shi ne mai aikin ba.

Wannan kariya ba kowa ta rufa ba. Sashe na 91 ya taƙaita ta ga masu aikin ƙarfi da na akawu, ya fitar da masu riƙe muƙaman gudanarwa da na ƙwararru. Malamin Kwalejin Ilimi ta Gumel ko likita a babban asibiti sai ya koma ga takardar ɗaukarsa aiki da ƙa'idojin aikin gwamnati, ya tambayi sashen kuɗi irin rancen da aka tanada da sharuɗɗansa. Ko ma wane ne, ya ajiye takardar albashi ko saƙon banki na kowane wata, domin yakan faru a manta a ci gaba da yanka bayan an gama biya, kuma da waɗannan shaidu ne zai koma ofis a watan Yuni ya ce a mayar masa da 15,000 ɗinsa.