Yadda Yashi Ke Zama Gilashi

Gilashin taga da na kwalba, asalinsu yashi ne. Amma ba kowane yashi ba: ana neman fari tas, wanda kusan dukkansa sinadarin silika ne, a wanke shi a tankaɗe. Matsalarsa ita ce ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyos, abin da zai cinye makamashi mai yawa, ya kuma lalata tanderu. Saboda haka ake haɗa shi da soda, 'yar uwar kanwa, wadda ke sa ya narke a zafin da bai kai haka ba. Sai dai gilashin yashi da soda zalla ruwa na cin sa, shi ya sa ake ƙara farar ƙasa don ta ba shi ƙarko. A cikin kashi 100, silika kan ɗauki wajen 70, soda wajen 15, farar ƙasa wajen 10. Akan zuba fasassun kwalabe ma, don suna saurin narkewa.

A tanderu mai zafin digiri 1,500, haɗin yakan koma ruwa mai kauri kamar zuma, a bar shi har kumfar iska ta fice. Idan na taga ake so, sai a kwarara shi a kan narkakkiyar kuza, ya yi ta yawo a samanta yana baje kansa har ya zama shimfiɗaɗɗe sumul. Kamfanin Pilkington na Ingila ne ya fito da wannan dabara a 1959. Daga nan a sanyaya shi sannu a hankali, domin idan baya ya huce ciki na da zafi, gilashin kan tsage ko ba a taɓa shi ba.

To, me ya sa ake hango abu ta cikinsa, alhali yashi ba ya nuna komai? Ƙwayar yashi mai tsabta, ita kaɗai, haske na ratsa ta. Tarin ƙwayoyin ne ke hana gani, don duk inda haske ya fita daga ƙwaya ya shiga iska, sai ya karkace, wani kuma ya koma baya, har ya watse ta ko'ina. Narkarwa ce ke haɗe ƙwayoyin su zama jiki guda, babu gaɓa babu rata. Shi ya sa idan aka daka gilashi ya zama gari, sai ya koma fari, ba a ganin komai ta cikinsa.

Dalili na biyu yana cikin sinadarin kansa. Abu yana shanye haske ne idan ƙarfin hasken ya isa ya ɗaga ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa zuwa mataki na sama. A gilashi matakin ya yi nisa, hasken da ido ke gani bai isa ba, sai ya wuce abinsa. Ɗan ƙarfen da ya saura a yashi shi ne ke shanye kaɗan, kuma shi ke kawo koren da ake gani idan aka dubi gilashin taga ta gefensa.